Hanyar Kasoa ce ke sa ni faɗa a wajen aiki ko halina ne ya lalace?

Basit Kasoa: Salamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman shawara, kuma ku yi haƙuri bayanin da ɗan tsawo. Ina aiki a wani shagon sari a unguwar Tudu cikin Accra, ni ke riƙe da makullin sito. Shekara biyu kenan da na tashi daga Nima na koma Kasoa saboda kuɗin ɗaki. Tun da na koma wallahi na zama wani iri, abu kaɗan sai in hau sama. Ran Talata aka kwana ana ruwa, na fita gida biyar saura minti goma, muka zo tsakanin SCC da Old Barrier laka ta sauko daga tudu ta rufe hanya kamar yadda ta saba, ban isa shago ba sai tara da minti goma. Kwastoma ya zo da mota tun bakwai zai loda kaya zuwa Tamale, kowa na tsaye ana jiran makulli. Ina shigowa abokin aikina ya ce "yau ma?" Kalma biyu kacal. Ban san lokacin da na jefa masa makullin a ƙirji ba, na faɗa masa maganganun da har yanzu kunya nake ji. Bayan haka wajen lodi na ƙirga katon 40 alhali 48 ne a takarda, sai da aka kira direba ya dawo daga Achimota. Maigida ya ce in aka sake sai dai in nemi wani wuri. To ni tambayata, hanya ce ke yi mini haka ko dama halina ne yake fitowa?

Mubarak: Wa alaikumus salam. Cale maganar ba ta da wuya, ka riƙa fita da wuri. Duk wanda ya san hanyar nan ya san in ka wuce Mallam Junction kafin shida saura ka tsira, in ka kuskura shida da rabi ta same ka kafin Weija to sai dai ka yi ta kallon masu sayar da piyawata. Ka fita ƙarfe huɗu, ka sha wani abu mai buɗe ido, shikenan.

Basit Kasoa: Ai Mubarak haka nake yi. Huɗu saura kwata nake tashi, huɗu da rabi ina bakin hanya, sallar asuba ma sau da yawa a tasha nake yi ko sai na sauka. In na samu motar huɗu da rabi shida da kwata ina Tudu, shago kuma bakwai ake buɗewa, sai in zauna a benci ina gyangyaɗi. In na makara da minti ashirin kawai sai takwas da rabi. Babu tsakiya.

Anti Rabi Tema: Basit ɗana, kafin kowa ya ba ka magani bari in tambaye ka abu huɗu. Ƙarfe nawa kuke tashi daga aiki, ƙarfe nawa kake shiga gida, ƙarfe nawa kake kwanciya, kuma me kake ci kafin ka fara aiki? Na yi shekaru ina kula da ma'aikatan shif a wata masana'anta a nan Tema, yara daga Ashaiman da Madina da Kasoa ɗin duk na riƙe su, wannan labarin naka na san shi kamar yunwar cikina.

Basit Kasoa: Anti barka da dare. Shida muke rufewa. In je Kaneshie in bi layi, da yamma kuma kin san direbobi ba sa son ɗaukar Kasoa kai tsaye, sai meti, wato yaron mota, ya ce Mallam Mallam, ka sauka ka sake biyan wata zuwa Barrier, ka sake wata. Tara nake shiga gida, wani lokaci tara da rabi. Kafin in yi wanka in ci abinci in ga yara in ba su yi barci ba, sha ɗaya ta yi. Da safe ba na cin komai, sai wajen sha ɗaya in sayi wake.

Anti Rabi Tema: To yi lissafin da kanka. Sha ɗaya zuwa huɗu saura kwata, awa huɗu da minti 45 kenan, in ma har kana kwanciya barci ya ɗauke ka. Babban mutum yana buƙatar awa bakwai ko fiye. Kowane dare kana cin bashin awa biyu da wani abu, Litinin zuwa Asabar ya haura awa 13, kusan barcin dare biyu kenan da ba ka yi ba a kowane sati. Abin da rashin barci ke fara ci ba ƙarfin jiki ba ne, za ka iya ɗaga katon lafiya lau. Birki yake ci. Wannan ɗan tsaikon da ke tsakanin a faɗa maka magana da ka mayar, wanda a cikinsa kake cewa a'a bari in kyale, shi ne ke tafiya. Sai kuma ƙirga, ka ga katon 8 ɗin da suka ɓace maka. Ɗora yunwa a kai, daga tuwon goman dare har sha ɗayan rana ba ka sa komai a ciki ba. Ni ban ga mugun hali a nan ba tukuna, na ga mutumin da ake tuƙawa babu birki.

Amma akwai abu na biyu da ya fi tsawon hanyar ciwo, kai ma ka faɗe shi ba ka lura ba, wato babu tsakiya. Da a ce kullum awa biyu ce cif, jiki zai saba, za ka ma yi barci a mota. Amma yau awa ɗaya da minti 45, gobe awa huɗu, kana zaune kana duba agogo kana lissafin me maigida zai ce, ba ka da ikon komai, ba kai ke tuƙi ba, ba za ka iya sauka ba. Zuciya na ta tafasa ba wurin zubawa. Meti ba za ka sake ganinsa ba, maigida ba ka isa ka yi masa tsawa ba, to wa ya rage? Wanda yake daidai da kai, wanda ya fara buɗe baki.

Alhaji Issaka Direba: Ni dai kullum in aka tashi maganar hanya sai a ce direbobi, sai a ce meti. Shekara 22 ina jan turoturo. Kun san nawa mai mota ke jira in kawo masa da daddare? Ko an yi tirafik ko ba a yi ba sai kuɗinsa ya cika, ga mai yana ƙonewa muna tsaye, ga tikitin tasha. In na ɗauki Kasoa kai tsaye da yamma na shiga awa uku a tafiya ɗaya, dawowa kuma mota babu kowa. Yankan hanyar da muke yi ba mugunta ba ce.

Mubarak: Alhaji ba wanda ya zage ku fa, amma gaskiya yankan hanyar nan haramun ne, kuɗin mota ɗaya ku mai da shi uku

Alhaji Issaka Direba: Kai yaro zo ka riƙe sitiyari kwana ɗaya tukuna kafin ka ba da fatawa.

Zainab Madina: Don Allah ku bar wannan, ba shi aka tambaya ba. Ni ina so in yi magana ne a madadin abokin aikin nan da aka jefa da makulli, don ni ce shi a wurin aikinmu. Ina zaune kusa, minti 15 na isa, wadda muke aiki tare daga Amasaman take zuwa. Duk ranar da ta makara ni ke shara, ni ke buɗewa, ni ke shan zagin kwastoma, albashinmu kuma ɗaya. In ta shigo fuska a murtuke ko sannu babu, kamar ni na tare mata hanya a Pokuase. Ranar da na ce mata wani abu sai aka ce ba ni da tausayi. Yaya Basit ka yi tunani, mutumin nan awa biyu yana tsaye gaban kwastoman Tamale yana ba da haƙuri a kan laifin da ba nasa ba kuma ba shi da makulli. "Yau ma" ɗin nan ba daga sama ta faɗo ba. Ka kira shi kana hanya?

Basit Kasoa: Gaskiya ban kira ba Zainab. Ina ta cewa yanzu za mu wuce yanzu za mu wuce, kuma ina jin kunyar kiran. Shi a Sabon Zango yake, ko da ƙafa zai iya zuwa.

Zainab Madina: To ka gani. Da tun shida ka kira ka ce laka ta rufe Barrier, ai da ya san me zai gaya wa kwastoma, mutumin ya je ya karya kumallo ya dawo. Shirun ne ke ƙona rai.

Anti Rabi Tema: Zainab ta taɓo inda ƙurjin yake. Kuma ni abin da ya fi ba ni mamaki a labarin nan, me ya sa makullin sito yake aljihun wanda ya fi kowa nisa? Wannan ba matsalar hali ba ce, tsari ne aka yi shi a karkace. Mai Sabon Zango na nan kusa, mai Kasoa ke riƙe da makulli, duk ranar ruwa dole shago ya tsaya, dole a yi faɗa, ko waliyyai aka ajiye a wurin.

Basit Kasoa: Anti ni ne mai sito, in kaya ya ɓace ni za a cire wa a albashi, shi ya sa ba na ba kowa.

Anti Rabi Tema: Na gane, kuma kana da gaskiya, kada ka miƙa makulli haka kawai da baki. Ga yadda muke yi a wajen miƙa shif. Da yamma kafin a rufe, ku biyu ku ƙirga kayan da aka san za su fita da safe, a ware su gefe ɗaya kusa da ƙofa, a rubuta a littafi, kai ka sa hannu shi ya sa hannu. In akwai ɗan ɗaki ko keji da za a iya kullewa daban ya fi, makullin wannan shi za a ba shi, babban sito yana hannunka. Da haka motar safe za ta loda ko kana Odorkor, kuma ƙirgar an yi ta ne lokacin da ba wanda ke tsaye a kanku yana huci. Sannan makulli na biyu ya zauna wajen maigida a ambulan da aka liƙe aka sa hannu a bakinsa, in an buɗe kowa ya san an buɗe. Ba kai za ka yanke wannan ba, maigida za ka kai wa, amma kada ka je masa da kuka, ka je da takarda.

Mubarak: Wace takarda kuma Anti, takardar likita?

Anti Rabi Tema: A'a. Sati biyu ya riƙa rubutawa a bayan littafi ko a waya: ƙarfe nawa na kwanta, ƙarfe nawa na fita, ƙarfe nawa na isa, na ci abinci ko ban ci ba, an yi cacar baki ko kuskure yau ko ba a yi ba, da ƙarfe nawa. Shikenan. Wannan ce za ta amsa tambayar da ya yi tun farko. In hanya ce, zai ga rigimar ta taru a awa ɗaya ta farko bayan isowa da kuma dab da tashi lokacin da hankali ya koma layin Kaneshie, zai ga Alhamis da Juma'a sun fi Litinin zafi don bashin barcin ya taru, kuma ranar da ya samu barci sosai maganar da ta fusata shi jiya yau dariya za ta ba shi. In kuwa ko ya huta ko bai huta ba, da mutum ɗaya tak yake faɗa kuma a kan abu ɗaya, to akwai wata a ƙasa tsakaninsu, hanya tana hura wutar ne kawai. In kuma har ranar Lahadi a gida yana hawa kan matarsa da yara, ga ciwon kai a ƙeya ko bugun zuciya, ya je a auna masa jini da suga, kada ya ɗora wa Kasoa komai.

Malam Hudu: Assalamu alaikum. Duk abin da Hajiya ta faɗa na ji, amma kada a manta da maganin da aka koya mana. Wanda fushi ya taso masa ya nemi tsari daga shaiɗan, ya yi shiru, in yana tsaye ya zauna, ya yi alwala. Kuma Basit ka je ka nemi gafarar ɗan'uwanka, a gaban mutanen da ka ci masa mutunci a gabansu. Gajiya uzuri ce wajen fahimta amma ba ta goge haƙƙi.

Basit Kasoa: Na gode Malam. Na ba shi haƙuri ran Laraba amma mu biyu ne a bayan shago, ya ce ba komai, sai dai har yau gaisuwa kawai muke.

Anti Rabi Tema: Malam ai maganarmu ɗaya ce. Alwalar nan da zaman nan su ne birkin da nake faɗa, sai dai ni ina so ya yi su tun kafin fushin ya zo. In ka sauka daga mota kada ka faɗa shago kai tsaye da zafin hanya a jikinka. Ko ka makara, minti biyar ba za ta ƙara komai a kan awa biyu ba, ka wanke fuska, ka sha ruwa, ka sa wani abu a ciki. Ranakun da kake isa shida da kwata kuwa ba ka da hujja, koko da ƙosai suna nan a kowane lungu, maimakon gyangyaɗi a benci da ciki wayam. Kuma Mubarak, abin gwangwanin nan mai buɗe ido da ka ce, da safe a kan yunwa sai ya ƙara masa rawar jiki da saurin hasala, in kuma ya sha da la'asar ko ya zauna ataya da daddare, ɗan barcin awa huɗun ma ya lalace.

Sadik Legon: Ni ta fuskar doka zan zo. Dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003, Act 651, ta ce aiki awa 8 ne a rana ko awa 40 a sati, kuma tsakanin tashi daga aiki da komawa washegari a samu hutun awa 12 a jere. Basit yana yin bakwai zuwa shida, awa 11 kenan, har Asabar. Ya kai ƙara ofishin ƙwadago kawai, maigidan ne ke da laifi.

Zainab Madina: Hahaha Sadik a Tudu? Ya kai ƙara da safe da yamma a ba wani makullin

Anti Rabi Tema: Sadik abin da ka karanto haka yake. Amma duba, shida na yamma zuwa bakwai na safe awa 13 ne, ta wannan gefen maigida bai taka doka ba, dokar ba ta san Mallam Junction ba, awa biyar zuwa shida da hanya ke cinyewa a cikin hutun ma'aikaci ake lissafa su. Maganar awa 11 kuwa gaskiyarka, ya wuce ƙa'ida in ba a biyan kuɗin ƙarin lokaci, sai dai mutumin da aka yi wa gargaɗi ran Talata ba shi ne zai shiga da maganar ƙara ran Litinin ba. Ni abin da zan roƙa masa shi ne a matsar da lokacinsa. Tunda yana isa shida da kwata, ya fara aiki a lokacin, ya tashi huɗu ko huɗu da rabi kafin layin Kaneshie ya yi tsawo, abokin nasa ya rufe. Maigida bai yi asarar ko minti ɗaya na lokacin da shago ke buɗe ba, shi kuma zai iya shiga gida kafin isha ya kwanta tara da rabi. Awa ɗaya da rabi ta ƙarin barci ba wasa ba ce.

Basit Kasoa: Matsalar ita ce da yamma ake kawo kaya daga Tema, wani lokaci biyar ta wuce, kuma ni ke karɓa in sa hannu.

Anti Rabi Tema: Kullum ake kawowa?

Basit Kasoa: A'a, kamar sau biyu a sati, yawanci Talata da Juma'a amma ba tabbas.

Anti Rabi Tema: To ka roƙi sauran ranakun, ka bar masa waɗannan biyun. Kuma a ranakun nan biyu ba ka da inda za ka kwana a gari? Kai fa ɗan Nima ne.

Basit Kasoa: Ɗakin tsohuwata na nan, ƙannena biyu ke ciki. Zan iya shimfiɗa tabarma. Amma madam ba za ta so ba, dama tana cewa yara sun fara manta fuskata.

Fati Ashaiman: Ni dai ina karantawa ina dariyar takaici. Ku maza in kun shiga gida tara an ajiye muku tuwo. Ni in na fito daga motowe ɗin nan da ake ta gyara, in ɗauko yara wajen maƙwabciya, in ɗora tukunya, in duba aikin makaranta, in wanke yunifom, sha biyu nake kwanciya huɗu na tashi. Ran nan na yi wa wata kwastoma tsawa a kan canjin sidi biyu har madam ɗinmu ta fito. Ni wa zai matsar mini da lokaci, ɗakin wa zan je in kwana? Kuma Basit kada ka yanke maganar kwana a Nima ba ka zauna da matarka ba, ita ma tana da nata lissafin.

Anti Rabi Tema: Fati naki ya fi nasa wuya kuma ba zan yi miki ƙarya in ce ina da dabara ba. Matan da na riƙe, abin da ya ɗan taimaka musu girkin Lahadi ne mai yawa a raba a firij, da haɗa kai da maƙwabciya yau ke gobe ni. Ragewa yake yi, ba ya warkarwa.

Mubarak: Ni fa har yanzu ina ganin ya dawo gari kawai. In ka tara kuɗin mota uku-uku na wata guda ai ya kusa kuɗin ɗaki.

Basit Kasoa: Na yi wannan lissafin ya fi sau goma Mubarak. A wata-wata kusan haka ne, amma wa zai ba ni adibas? Doka ta ce wata shida, masu gida shekara biyu suke cewa a dunƙule, kuma ɗaki ɗaya a Nima da mata da yara uku da layin banɗaki, abin da na gudo kenan. Ga makarantar yara na riga na biya a can.

Alhaji Issaka Direba: In za ka ji tawa, ka samu direba ɗaya da ke fitowa lodin farko daga unguwarku ka karɓi lambarsa, ya riƙa ajiye maka kujerar gefen taga, ba ta kusa da ƙofa ba inda za a yi ta tashinka ana sauka. Ina da mutum huɗu da nake yi wa haka, kafin mu kai tsohon tolbut sun yi barci sai Kaneshie nake tashinsu. Ranar ruwa kuma mu muke fara sanin inda ya toshe, ka kira ka tambaya kafin ka fito.

Sadik Legon: Ni dai ban yarda a bar maganar awa 11 ɗin nan ba, ana ta gyara ma'aikaci an bar mai shago.

Zainab Madina: Ba wanda ya ce a bari, an ce ba wannan satin ba. Yaya Basit ni tambayata, shi abokin naka zai yarda ya riƙa rufewa shi kaɗai kwana huɗu? Don in ni ce sai an gaya mini me zan samu. In kai za ka buɗe da sassafe to shi ya riƙa zuwa takwas, kowa ya ci wani abu. Kuma da shi za ka fara magana kafin maigida, kada ya ji daga sama.

Basit Kasoa: Ban yi tunanin wannan ba wallahi. Gobe in Allah ya kai mu zan saya mana koko mu zauna kafin a buɗe, in ya yarda ya zauna. Anti zan fara rubutun daga yau. Sha ɗaya da minti ashirin yanzu.

Anti Rabi Tema: Rubuta hakan a layin farko, ka kashe wayar.

Alhaji Issaka Direba: Hadari na haɗuwa ta gefen Weija fa, wanda zai fito gobe ya fito da shiri